Saya, saye, sayar, sayo, sayu: tambayoyi da amsoshi kan azuzuwan aikatau da neman saiwa a ƙamus

Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a nan cikin Katsina. Wata rana bayan an tashi, wata ɗalibata ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙaramin ƙamus, ta ce, "Malam, ƙamus ɗin nan bai cika ba." Na tambaye ta abin da ya rage. Ta ce ta ga jimlar *kare ya ciji yaro*, ta nemi *ciji* har ta gaji ba ta samu ba. Na karɓa na buɗe mata *ciza*. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "To ai ba ita nake nema ba." Alhali ita ce. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da abokan aiki suka fi yi mani a kan wannan batu, na tattara su wuri guda.

Mene ne saiwa, kuma me ake nufi da ajin aikatau?

Saurari wannan zancen, irin wanda za ka ji a bakin duk wanda ke bin kasuwar shanu ta Mai'aduwa ko ta Charanchi. Alhaji ya *sayi* sa. Dillalai sun *saye* shanun tun da hantsi. Makiyayi ya *sayar* da karsanarsa. An aiki yaro ya *sayo* igiya. Bana dabbobi ba su *sayuwa*.

Abin da bai motsa ba a cikin kalmomin nan duka shi ne *say-*. Wannan ita ce saiwa. Ba kalma ba ce da wani zai furta ita kaɗai, domin ba Bahaushen da zai ce "na say". Sai an sa mata wasali ko ɗafi a ƙarshe, an kuma ɗora mata karin sauti, sannan ta zama abin faɗa. To wannan haɗin na ƙarshen kalma da karin sauti shi ake kira ajin aikatau. A littattafan jami'a za ka ga an rubuta "giredi", duk abu ɗaya ne. Saiwa ita ke riƙe da ainihin ma'anar, wato ciniki a nan. Aji kuwa shi ke gaya maka ko kayan sun shigo hannunka ne, ko sun fita, ko an kwashe su duka, ko can aka yi cinikin aka taho da su nan.

Wa ya kasa su, kuma guda nawa ne?

Masanin harshen Hausa F. W. Parsons ne ya tsara su zuwa aji bakwai a wani nazari da ya fitar a 1960. Daga baya wani masanin, Paul Newman, ya ƙara aji na sifili don ya tara ƙananan aikatau irin su *ci, sha, ji, bi, yi, ja, so*, waɗanda ba su zauna daidai cikin bakwai ɗin ba. Lambobin nasu ne, amma abin da suka lissafa yana bakin kakanninmu tun kafin a haife su.

A aikatau mai gaɓa biyu, ga yadda suke. Aji na 1 yana ƙarewa da *-a*, murya ta fara sama ta sauko, kamar *kama* da *dafa*. Aji na 2 shi ma *-a* ne, sai dai murya ta fara ƙasa ta hau, kamar *saya* da *nema*. Aji na 3 gajeren *-a* ne, ƙasa zuwa sama, kuma ba ya ɗaukar karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, kamar *fita* da *shiga*. Na 4 shi ne *-e*, na 5 *-ar*, na 6 *-o*, na 7 kuma *-u*. Ukun farko su ne na asali. Huɗun ƙarshe su ne ake ginawa a kansu, kuma su ne ma'anarsu ta fi fitowa fili.

Tun da na 1 da na 2 duk da *-a* suke ƙarewa, yaya zan bambanta su a rubuce?

Kada ka dogara da ido. Sa wa aikatau ɗin suna a gaba ka ji abin da bakinka zai yi. Idan ka ce *ya kama ɓarawo*, wasalin bai sauya ba, aji na 1 ke nan. Idan kuwa ka ɗauki *saya*, ba za ka ce "ya saya doki" ba, sai *ya sayi doki*. Ka cire dokin ka sa wakilin suna, ya koma *ya saye shi*. Ka cire duka, ya dawo *abin da ya saya*. Wannan juyi na *-a, -e, -i* shi ne tambarin aji na 2, ba wani aji da ke yin sa. Shi ya sa R. C. Abraham, tun kafin a zo da lambobi, ya kira irinsu aikatau masu sauyawa.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne saiwa guda takan shiga azuzuwan biyu, ma'ana ta karkata. Mahauci *ya yanka rago*, ragon ne gaba ɗaya aka yi wa aikin. Amma *ya yanki nama*, wani ɓangare ya ɗiba ya bar saura. Yaro *ya jefa dutse*, dutsen ne ya bar hannunsa. Yaro *ya jefi kare*, karen ne aka nufa. A harkar bashi ma haka: *na ara masa keke*, ni na bayar, *na ari keke*, ni na karɓa. *Ya ranta mani kuɗi*, *na ranci kuɗi*. Sau da yawa na 1 yana kai aikin kan wani abu ko wani mutum, na 2 yana jawo shi wajen mai yi ko ya ɗebi wani sashe. Na ce sau da yawa, domin akwai aikatau masu ɗimbin yawa da suke aji na 2 kawai don haka aka same su, kamar *tambaya* da *taimaka*.

Tsakanin na 1 da na 3 kuwa, karin sauti kaɗai ke raba gardama. *Audu ya cika tulu* da *tulu ya cika* rubutunsu ɗaya. Rufe bakinka ka rera su da hanci, kamar yadda kalangu zai faɗe su, za ka ji na farko ya sauko, na biyu ya hau. Haka *ya nuna mani hanya* da *mangwaro ya nuna*.

Me *-e* ta aji na 4 take ƙarawa?

Cikar aiki, har ba a bar saura ba. Wanda ya sha fura wataƙila ya rage maka, wanda ya *shanye* kuwa sai wankin ƙwarya. *Ci* da *cinye* haka suke. 'Yan kasuwa sun sayi gero magana ce ta kullum, amma sun *saye* geron labari ne na tashin farashi. Wani lokaci kuma rabuwa take nunawa, kamar *ya janye hannunsa*, *ta ɗauke kwanon*, *ya fice*. Takan kuma mai da aikatau ya zama abin da ya auka wa abu da kansa: *ta fasa tulu*, *tulu ya fashe*.

Akwai tarko a nan, kuma shi ya fi kama ɗalibaina a jarrabawa. *Ya saye shi* na iya zama aji na 2 gaban wakilin suna, na iya zama aji na 4. A baki ba a rikicewa, domin na 2 hawa yake yi, na 4 sauka. A takarda kuwa sai ka yi gwajin nan: mai da wakilin sunan ya zama suna. Idan jimlar ta koma *ya sayi hatsin*, na 2 ne. Idan ta tsaya *ya saye hatsin*, na 4 ne. Ka gwada da *ya ɗauke ta*, za ka samu *ya ɗauki jakar* da *ya ɗauke jakar*, kuma mai jakar ya san bambancinsu. Akwai ma *saye* ta uku, wadda ke cikin *saye da sayarwa*. Ita sunan aikatau ce.

An koya mana cewa aji na 5 na nufin sa wani ya yi abu. Haka ne?

Rabin gaskiyar ke nan. A *ciyar da*, *shayar da*, *zaunar da* da *fitar da*, lallai an sa wani ya ci, ya sha, ya zauna, ya fita. Amma wanda ya *zubar da* ruwa bai sa kowa ya zuba ba. Wanda ya *jefar da* tsumma bai sa kowa jifa ba. Uban da ya *aurar da* 'yarsa, 'yar ta bar gidansa. Wanda ya *sayar da* gona, gonar ta fita hannunsa. Wannan ne Newman ya lura da shi, ya ce abin da ya haɗa su shi ne aikin yana nisantar mai yin sa, yana tafiya waje. Ni ma a nan ra'ayina yake, domin wannan bayani ya ɗauki *ciyar* da *zubar* duka, wancan kuwa ɗaya kawai ya ɗauka.

Ajin nan yana da kamanni fiye da sauran, kuma su ke ɓatar da mai neman kalma. Akwai doguwar siga, *sayar da, fitar da, mayar da, gayar da*. Akwai gajera, *sai da, fid da, mai da, gai da*. Akwai kuma ta *-she* gaban wakilin suna, *ya fisshe ni, na gaishe ka, ya maishe shi*. Dubi yadda *t* ta *fit-* ta narke ta zama *d* a *fid da*, ta zama *s* a *fisshe*. A nan Katsina mun fi son gajerar siga, har mun manne *da* ɗin a jikin kalmar muna cewa *saidawa* da *fiddawa*, mu kuma ƙara *-o* mu ce *fiddo* da *maido*. A Sakkwato za ka ji *sayas da*. Duk aji ɗaya ne. In ka ga *sai da* a rubuce, ka tabbata ba *sai da na je* ake nufi ba, wadda ba ruwanta da ciniki.

Shin *-o* kullum "zuwa nan" take nufi?

Tushenta ke nan: *shigo, fito, sauko, dawo*. Amma ta wuce tafiyar ƙafa. In Inna ta ce *je ka sayo mani daddawa*, kalma guda ta ɗauki aiki biyu, ka yi cinikin a can, ka taho da abin nan. In ta ce *tambayo shi*, amsar take jira ka kawo. *Na tuno* kuwa ba inda aka je, abin ne ya taso daga nesa ya iso zuciya. Kuma "nan" ɗin ba dole ya zama inda mai magana yake tsaye ba. Ɗan Daura da ke Kaduna yakan ce wa na gida a waya *gobe zan taho*, ya ɗauki wurin mai sauraro ya mai da shi cibiya.

Wannan aji ya fi kowane sauƙin ganewa, murya sama-sama, kuma ba ya sauya ƙarshensa ko me ya biyo baya.

Aji na 7 fa? Me ya bambanta *an dafa nama* da *nama ya dafu*?

*An dafa nama* labari ne cewa wani ya yi aiki, ko da naman ya fito da tauri. *Nama ya dafu* shaida ce cewa aikin ya kama shi sosai. Haka *mota ta gyaru*, *fata ta jemu*, *yaro ya horu*. In aka mai da shi sunan aikatau da *-wa*, sai ya koma zancen yiwuwa: *rediyon nan ba ya gyaruwa*, *tuwon ba ya ciwuwa*, *hatsi ba ya sayuwa*. Ita kanta kalmar *yiwuwa* aji na 7 ce ta *yi*, kuma da yawa ba su taɓa lura ba sai an nuna masu. Wasu kuma sun yi nisa da wannan ma'ana har sun zama kalmomin kansu, irin *faru*, *auku*, *gamsu*, da *mutane sun taru*.

Kowace saiwa tana shiga duka bakwai ɗin?

A'a, kuma kada ka tilasta mata. *Zub-* tana da *ya zuba ruwa*, *ruwa ya zuba*, *ya zube*, *zubar da*, *zubo*. *Fit-* tana da *fita, fice, fitar, fito*, ba ta da na 2. Wasu kuma a aji na 4 suka fi zama, kamar *wuce* da *ƙyale*. In ka ƙera wata siga kunnenka ya ƙi ta, ka yarda da kunnenka, ko ka kai ta wajen wata tsohuwa a gida ka ji ko za ta karɓa.

To yanzu, yaya zan nemo kalma a ƙamus in ban same ta yadda take a rubuce ba?

Ka fara riƙe wannan: ƙamus na Hausa ba ya jera saiwoyi tsirara. Ba za ka buɗe ka ga *say-* ko *ciz-* ba. Yana jera aikatau ne a sigar da yake ɗauka in babu karɓau a bayansa. Saiwa gada ce kawai da za ka bi ka isa wannan siga.

Mu koma kan *ciji* ta ɗalibata. Na ce mata ta mai da jimlar ta zama "wanda kare ya ...", ta ƙarasa da bakinta. Ba ta yi tunani ba ta ce *ciza*. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Au." Wannan ita ce dabara ta farko, kuma ta fi kowace ƙa'ida sauri ga wanda Hausa ce harshensa: ka ɗauke karɓau daga bayan aikatau, bakinka zai ba ka sigar ƙamus. *Ya saci akuya*, abin da ya *sata*. *Ya fanshi rago*, abin da ya *fansa*.

Ta biyu ita ce ka san dalilin da ya sa baƙin ya sauya. Wasulan *i* da *e* sukan ja wasu baƙaƙe zuwa ganɗa. A gabansu *t* takan zama *c*, *s* ta zama *sh*, *z* da *d* su zama *j*, *w* ta zama *y*. Saboda haka in ka ga *c, sh, j* ko *y* dab da wasalin ƙarshe *i* ko *e*, ka yi zargin ba su ne na asali ba. *Fice* daga *fita* take, *ɓace* daga *ɓata*, *rushe* daga *rusa*, *guje* daga *gudu*, *haye* daga *hawa*. Hanya mai sauƙi ta tono baƙin asali ita ce ka juya kalmar zuwa aji na 6, domin *-o* ba ta taɓa baƙi. *Kashe* ta ba ka *kaso*, saiwa *kas-*. *Ƙwace* ta ba ka *ƙwato*, saiwa *ƙwat-*. A *j* ne ake ɗan tsayawa, tun da daga wuri biyu take fitowa. *Cije* ta ba da *cizo*, *guje* ta ba da *gudo*, ka ga an rabu.

Ga wadda ta fi wuya. *Sun sassayar da shanun*. Ajiye *da* gefe, ba jikin kalmar take ba. Gaɓar farko *sas-* ninki ce mai nuna an yi aikin sau da yawa ko mutane da yawa suka yi, irin na *kakkama* da *ciccika*, sai ka cire ta, saura *sayar*. Yawancin ƙamusoshi suna da *sayar* a matsayin kalma. In babu, cire *-ar*, saura *say-*, ka gwada mata *-a*, ka isa *saya*. Da ka isa, kada ka rufe littafin. Duba sama da ƙasa a shafin, domin 'yan gida ɗaya sukan zauna kusa da juna. Waɗanda baƙinsu ya sauya ne kawai suke yin nisa, kamar *fice* da ta riga *fita* da shafuka, ko *guje* da ke bayan *gudu*.

Na samu kalmar, amma ma'anar da aka bayar ba ta dace da jimlata ba. Me ya faru?

Mai yiwuwa ka faɗa gidan maƙwabta. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, saboda haka saiwoyi biyu da ba su haɗa komai ba sukan fito da kama ɗaya. *Ya gaji da aiki* daban, *ya gaji mahaifinsa* daban. Ta biyu *a* ɗinta doguwa ce, kuma a ƙarƙashin *gada* za ka same ta. *Ta fasa ƙwai* gajeren wasali ne, *ta fasa tafiya* dogo. *Sun ciwo kofi* aji na 6 ne na *ci*, ba ruwansa da ciwon kai. In ƙamus ya jera kalma iri ɗaya sau biyu ko uku, karanta su duka, ka dubi alamomin da aka ɗora a kan wasulan, ka rera su, sannan ka zaɓa. Alamomin nan kowane marubuci da irin nasa, shi ya sa nake roƙon ɗalibai su karanta shafukan gabatarwa ko sau ɗaya ne. A can ne kuma za ka ga ko an ware *ƙ, ɗ, ɓ* daban ko an cuɗa su da *k, d, b*.

Me ya sa ban ga lambar aji a ƙamus ɗin da ke ɗakin karatunmu ba?

Duba shekararsa. Na G. P. Bargery ya fito a 1934, na Abraham a 1949, duka kafin tsarin Parsons na 1960, don haka ba za ka ga lambobin a cikinsu ba. Wannan bai rage masu daraja ba. Bargery musamman ya tara kalmomin garuruwa da yawa, har da na Katsina, waɗanda yaran yanzu ba su taɓa ji ba. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, da Hausa yake bayanin Hausa, kuma shi nake fara miƙa wa ɗalibi. Ko da lamba ko babu, ƙarshen kalmar da misalin jimlar da aka bayar sun isa su gaya maka ajin.

Ni yadda muke faɗa a gida daban ne da abin da ke littafi. Wanne zan nema?

Nemi na daidaitacciyar Hausa, amma kada ka ɗauka na gidanku kuskure ne. In kun saba da *hita* da *tahi*, ka duba ƙarƙashin *f*, wato *fita* da *tafi*. In ka saba ganin *siya* da *siyo* a saƙonnin waya, ƙamus *saya* da *sayo* ya sani. *Saida* da *fidda* kuma ka neme su a *sayar* da *fitar*.

Wani yaro ɗan wajen Jibiya ya taɓa tambayata ko *hiddo* kalma ce, don an ja masa jan biro a kanta. Muka zauna muka warware ta a allo: *h* ta koma *f*, *fiddo*, aka cire *-o* ta aji na 6, *fidda*, aka raba *da* ta aji na 5, *fid da*, *d* ta koma *t*, saiwa *fit-*. Aji biyu ne a kan saiwa guda, a fitar da abu kuma a taho da shi nan. Na ce masa a takardar jarrabawa ya rubuta *fito da*, ya kwafe abin da ke allon a bayan littafinsa.